Saƙon Ƙarfe Shida da Rabi: Yadda Cron Ke Aiko Maka da Saƙo a Waya Kullum

A cikin kusan kowace kwamfuta mai amfani da Linux akwai wata ƙaramar manhaja da ake kira cron. Ba ta da hoto a fuskar allo, ba ta ƙara, kuma yawancin masu kwamfutar ba su san tana ciki ba. Aikinta guda ɗaya ne. Duk minti ɗaya sai ta duba agogo, ta duba jadawalin da aka rubuta mata, in akwai aikin da lokacinsa ya yi ta tayar da shi, in babu ta jira minti na gaba. Tun shekarun 1970 take wannan aiki a tsarin Unix, wanda aka ƙirƙira a ɗakunan bincike na Bell a Amurka. A 1987 Paul Vixie ya sake rubuta ta, kuma yawancin nau'o'in da ake amfani da su a Linux yau daga nasa suka samo asali.

Da wannan tsohuwar manhaja mutum zai iya sa kwamfuta ta riƙa aiko masa da saƙo a wayarsa kullum a lokaci guda, a ce ƙarfe shida da rabi na safe. Mai karatu zai ce ai wayar tana da ƙararrawa, me ya yi zafi? Gaskiya ne, kuma in abin da kake so kawai a tashe ka daga barci ne, ƙararrawar ta wadatar. Bambancin shi ne ƙararrawa abu ɗaya take faɗa kullum. Saƙon da kwamfuta ta haɗa kuwa yana iya sauyawa daga rana zuwa rana, domin kafin ta aiko tana iya buɗe fayil ta karanta, ta yi lissafi, ko ta duba wani abu a cikinta. Kuma saƙon yana nan a rubuce, da ranarsa da lokacinsa, ko bayan wata guda ka koma ka gan shi.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta tun farko shi ne cron ba ta san waya ba, ba ta san saƙo ba. Lokaci kawai ta sani. Aikin kashi biyu ne da ba su haɗa hanya ba: akwai umarnin da ke aika saƙon, akwai kuma jadawalin da ke tayar da umarnin. Wanda ya cakuɗa su wuri ɗaya, ranar da saƙo bai zo ba zai rasa ta ina zai fara bincike. Wanda ya gina kowanne daban, ya gwada shi daban, cikin minti biyar zai gano inda matsalar take.

Hanyar da saƙon zai bi

A ƙasashenmu WhatsApp ne ya fi yawa a hannun jama'a, amma aika saƙo ta kansa daga kwamfuta yana buƙatar rajistar asusun kasuwanci da bin ƙa'idojin kamfanin, abin da ya yi wa wannan ɗan aiki nauyi. Saƙon tes kuma sai an bi ta kamfanin da ke sayar da shi, ana biyan kuɗi a kan kowane ɗaya. Shi ya sa na zaɓi Telegram. Kyauta ne, kuma an buɗe masa ƙofa a fili domin irin wannan aikin.

A Telegram akwai asusun da ba mutum ke riƙe da su ba, manhaja ce ke sarrafa su, ana kiransu bot. Naka za ka ƙirƙira. Ka nemi asusun da ake kira `@BotFather`, ka tabbata mai alamar tantancewa ne, ka aika masa `/newbot`. Zai tambaye ka suna, sannan sunan amfani wanda dole ya ƙare da `bot`. Daga nan sai ya ba ka wani dogon rubutu, lambobi a gaba, sai ɗigo biyu, sai haruffa a hargitse. Wannan shi ne mabuɗin bot ɗin. Duk wanda ya same shi zai iya aika saƙo da sunan bot ɗinka, saboda haka ba abin ɗauka a hoto a tura wa aboki ba ne. In ya kuɓuce maka, ka koma wurin `@BotFather` ka aika `/revoke`, a soke tsohon a ba ka sabo.

Akwai wani mataki da mutane da yawa ke tsallakewa. Telegram bai yarda bot ya fara yi wa mutum magana ba, domin kare jama'a daga saƙonnin talla. Dole kai ka fara. Ka buɗe bot ɗin naka a waya, ka danna `Start`, ka rubuta masa ko da sallama ce. Bayan haka sai ka zauna gaban kwamfutar ka rubuta wannan, kana sa mabuɗinka a wurin kalmar TOKEN:

```
curl https://api.telegram.org/botTOKEN/getUpdates
```

Ita curl manhaja ce da ke magana da intanet ta hanyar rubutu zalla. Amsar da za ta dawo da ita za ta yi kama da shirme ga wanda bai saba ba, amma abu ɗaya kake nema a ciki: kalmar `chat`, da `id` a bayanta, da lambar da ke biye. Wannan lambar ita ce adireshin hirarka da bot ɗin. In amsar ta zo ba komai a ciki, ka sake tura wa bot ɗin saƙo daga waya ka maimaita umarnin.

A ce ɗan kasuwa ne

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wani ɗan kasuwa ne a Kano mai harkar hatsi da dabbobi, kowace rana ta mako da abin da take buƙata daga gare shi. Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, Juma'a ta Wudil, Asabar yakan biya yaran shago, Litinin ya zagaya karɓar bashi. Yana so kullum da safe saƙo ya shigo masa da aikin ranar. Sai a buɗe fayil mai suna `ayyuka.txt`, a rubuta layi bakwai, na farko na Litinin, na bakwai na Lahadi. Layi na huɗu zai iya cewa a kira direba kafin ƙarfe bakwai, yau Maigatari. Babu wata dabara a cikin fayil ɗin, rubutu ne kawai da Hausa, kuma duk ranar da aiki ya sauya sai a gyara layin.

Sannan a rubuta fayil na biyu, `sako.sh`, wanda shi ne zai yi aiken:

```
#!/bin/sh
TOKEN="mabudinka"
CHAT="lambarka"
SAKO=$(sed -n "$(date +%u)p" /home/shago/ayyuka.txt)
curl -sS --data-urlencode "chat_id=$CHAT" \
  --data-urlencode "text=$SAKO" \
  "https://api.telegram.org/bot$TOKEN/sendMessage"
```

Layi na huɗu ne zuciyar abin. Umarnin `date +%u` yana ba da lambar ranar mako, 1 ga Litinin har 7 ga Lahadi. Shi kuma `sed` sai ya ɗauko layin da ya yi daidai da wannan lambar daga fayil ɗin ayyuka. Ranar Alhamis lambar 4 ce, saboda haka layi na huɗu ne zai fito. Sauran layukan suna miƙa wa Telegram rubutun da adireshin. Dalilin sa `--data-urlencode` shi ne don tazarar da ke tsakanin kalmomi da haruffa masu ƙugiya irin ƙ da ɗ da ɓ su isa lafiya ba tare da sun rikice a hanya ba.

Sai a ba fayil ɗin izinin aiki, a kuma hana sauran masu amfani da kwamfutar leƙa shi, tunda mabuɗin yana ciki, sannan a gwada shi da hannu:

```
chmod 700 /home/shago/sako.sh
/home/shago/sako.sh
```

In komai daidai ne, wayar za ta yi ƙara cikin daƙiƙoƙi, a allon kwamfuta kuma a ga amsa mai farawa da `"ok":true`. In aka ga `Unauthorized`, mabuɗin ne aka kwafa ba daidai ba, galibi harafi ɗaya ya zube. In aka ga `chat not found`, lambar hirar ce ba daidai ba, ko ba a danna `Start` ba. In kuwa aka ce `message text is empty`, to layin ranar a fayil ɗin ayyuka babu komai a kansa, ko ba a samu fayil ɗin a inda aka nuna ba. Kada a taɓa cron sai wannan gwajin ya yi nasara. Saƙon da bai tafi da hannu ba, jadawali ba zai tafiyar da shi ba.

Gurabe biyar

Yanzu sai lokaci. A rubuta `crontab -e`, jadawalin zai buɗe, a ƙara wannan layin a ƙasa:

```
30 6 * * * /home/shago/sako.sh >> /home/shago/sako.log 2>&1
```

Gurabe biyar na farko su ne lokacin, kuma jerinsu ba ya sauyawa: minti, awa, kwanan wata, wata, ranar mako. Minti ke gaba da awa, saɓanin yadda muke faɗar lokaci da baki, kuma nan ne kuskuren farko ke faruwa. Awa ana ƙirga ta daga 0 zuwa 23, saboda haka ƙarfe takwas na dare 20 ne. Wanda ya rubuta 8 zai samu saƙonsa da safe. Tauraro na nufin kowane. Layin da ke sama yana cewa minti na 30, awa ta 6, kowane kwanan wata, kowane wata, kowace rana.

Tauraron nan yana da haɗari in ya sauka a gurbin da ba nasa ba. Wanda ya rubuta `* 6 * * *` yana zaton ya ce ƙarfe shida, alhali ya ce kowane minti na cikin awa ta shida. Wayarsa za ta yi ƙara sau sittin kafin bakwai ta buga. Gurbi na biyar kuma yana ba da damar ware ranaku. A cron Lahadi ita ce 0, Litinin 1, har Asabar 6. Malamin makarantar da ke son saƙo Litinin zuwa Juma'a kawai sai ya sa `1-5` a wurin. Mai son na Juma'a kaɗai ya sa 5.

Rabin layin na ƙarshe mutane kan raina shi, ni kuwa a ganina shi ne mafi amfani. Yana cewa duk abin da umarnin ya faɗa, na nasara ko na kuskure, a ƙara shi a fayil ɗin `sako.log`. Idan babu wannan, cron kan yi ƙoƙarin tura bayanin ta imel na cikin kwamfutar, wanda a yawancin kwamfutocin gida ba a kafa shi ba, sai bayanin ya salwanta. Ranar da saƙo bai zo ba, wannan fayil ɗin ne zai faɗi dalili.

Kuma ba sai an jira gobe da safe ba kafin a san ko jadawalin na aiki. In yanzu ƙarfe huɗu da minti goma ne na yamma, a sa `12 16` a gurabe biyun farko, a adana, a jira minti biyu. In wayar ta yi ƙara, a mayar da shi `30 6`. Umarnin `crontab -l` yana nuna abin da aka adana, don a tabbata gyaran ya zauna.

Agogon wa ake bi?

Cron agogon kwamfutar da take ciki take bi, ba na wayarka ba. In kwamfutar tana gabanka a gida, kusan kullum agogon biyu sun dace. Amma masu hayar kwamfuta a intanet, wadda ke zaune a wata cibiya a Turai ko Amurka, sukan same ta an saita ta a kan lokacin duniya da ake rubutawa UTC. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da wannan lokacin da awa ɗaya. Sakamakon haka, saƙon da aka sa wa shida da rabi zai iso Kano ko Maraɗi da bakwai da rabi, direba ya riga ya tafi. Bahaushen Kumasi ko Tamale ba zai ga wannan matsalar ba, domin lokacin Ghana daidai yake da UTC.

Alamar wannan cuta a bayyane take: saƙo na zuwa kullum, ba ya fashi, amma ya makara da awa ɗaya cif. A rubuta `date` a ga abin da kwamfutar ke ɗauka lokaci ne. Gyaran kuma gajere ne:

```
sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos
sudo systemctl restart cron
```

Mutumin Nijar zai sa `Africa/Niamey`. Layi na biyu yana sake tayar da cron don ta ɗauki sabon lokacin, kuma a wasu nau'o'in Linux irin Fedora sunanta `crond` ne. Mu a nan mun huta da wata wahala da ke damun Turawa, ta ja da agogo gaba ko baya sau biyu a shekara. Shida da rabi ɗinmu ɗaya ne rani da damina.

Wannan ma shi ya sa layi ɗaya na cron bai dace da tunatarwar salla ba. Lokacin Asuba da na Magariba suna matsawa a cikin shekara bisa fitowar rana da faɗuwarta, jadawalin kuwa a tsaye yake inda aka kafa shi.

In an ɗauke wuta

Ga babbar iyakar abin, wadda ta fi shafarmu. Cron ba ta rama aikin da ya wuce ta. In ƙarfe shida da rabi ta yi kwamfutar na kashe, ko tana barci saboda an rufe murfinta, saƙon ranar ya tafi ke nan. Ko an kawo wuta shida da minti talatin da ɗaya, cron za ta duba agogo, ta ga ba lokacin ba ne, ta jira gobe. Ba za ta yi ƙorafi ba, ba za ta rubuta komai a `sako.log` ba, tunda umarnin bai ma tashi ba.

Saboda haka zaɓen kwamfutar ya fi rubuta layin muhimmanci. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir da ke riƙe caji tana iya aikin, in an hana ta barci. Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, wutar da take ci kaɗan ce ƙwarai, ƙaramin sola da batir sun ishe ta. Sai dai nau'o'inta da suka gabaci na biyar ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya in an kashe su. In wuta ta dawo, sai sun samu intanet kafin su san ainihin lokaci, kuma kafin nan cron na bin agogon da ya makara. Kwamfutar haya a intanet ita ce ba ruwanta da wutar unguwarku, amma ana biyanta duk wata, galibi da kuɗin waje. Wasu kan sa cron a cikin wayar Android ta manhajar Termux. Yana yiwuwa, sai dai Android na yawan kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, don haka ban cika ba da wannan shawarar ba.

Akwai wata 'yar'uwar cron mai suna anacron, wadda aka yi domin kwamfutocin da ake kashewa. Ita tana rama aikin ranar da zarar an kunna, amma da kwanaki take lissafi, ba ta yi maka alkawarin awa ko minti ba. Wanda ya fi damuwa da saƙo ya zo ko da a makare, ita ta fi masa.

A ɓangaren waya kuwa abin da sauƙi. In datarka a kashe take lokacin da aka aiko, Telegram na ajiye saƙon, yana shigowa da zarar ka kunna, ɗauke da lokacin da aka aiko shi. In saƙo na isowa amma wayar ba ta ƙara sai ka buɗe manhajar, laifin ba na cron ba ne. Ka shiga saitin batir ka cire Telegram daga jerin manhajojin da aka taƙaita.

Ya yi da hannu, ya ƙi da jadawali

Wannan ita ce matsalar da ta fi ɗaure wa sababbi kai. Dalilinta shi ne cron na tayar da umarni a wani yanayi mara yalwa, ba irin wanda kake ciki in ka zauna gaban allo ba. Wuraren da take neman manhajoji kaɗan ne, galibi `/usr/bin` da `/bin`, kuma ba ta san babban fayil ɗin da kake tsaye a ciki lokacin gwaji ba. Shi ya sa a misalinmu aka rubuta cikakken adireshin kowane fayil tun daga `/home`. Wani tarkon kuma shi ne alamar `%`. A cikin jadawalin cron tana nufin sabon layi, saboda haka wanda ya sa `date +%u` kai tsaye a can, umarninsa zai yanke a tsakiya. Wannan na cikin dalilan da suka sa muka ajiye aikin a fayil na daban, muka bar wa jadawali sunan fayil ɗin kawai.

Ranar da saƙo bai zo ba, tambaya ta farko ita ce ko cron ta tayar da aikin. A Ubuntu ko Debian wannan umarnin zai nuna:

```
journalctl -u cron --since today
```

In babu layin `sako.sh` a shida da rabi, to kwamfutar ce take kashe, ko agogonta ya karkace, ko jadawalin ne aka rubuta ba daidai ba. In layin yana nan, cron ta sauke nauyinta, sai a buɗe `sako.log`. A can za a ga ko intanet ne ya yanke, wanda curl kan bayyana da `Could not resolve host`, ko kuwa Telegram ne ya ƙi karɓa ya faɗi dalilinsa.

Abu ɗaya nake roƙon mai karatu a kai. Kada ka jingina wa wannan tsari kaɗai abin da rai ko lafiya suka rataya a kansa, kamar lokacin allurar mai ciwon sukari ko maganin hawan jinin tsohuwa. Tsari ne da in ya lalace shiru yake yi, kuma mutum na iya kwana biyu bai lura saƙon ya daina zuwa ba. Ga irin wannan, ka haɗa da ƙararrawar waya, wadda ba ta jiran intanet. Ga aikin kasuwa, jadawalin darasi, ko ranar zubin adashi kuwa, ka kafa shi, ka sa ido mako guda cur kana duba lokacin isowar kowane saƙo, sannan ka fara dogara da shi.